Wata Biyun Da Ba Su Cikin Rajista

Ranar Litinin na je tantancewa, takarduna a jere cikin fayil, ina ji da kaina. Sunana ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka karatun babbar difloma a fannin aikin ɗakin gwaji, kuma a makarantar da na yi ƙaramar difloma ne, don haka gani nake zuwa kawai zan yi a buga mini hatimi in dawo. Jami'in tantancewar wani dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci. Ya bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko.

"Ina takardar kammala Ai-Ti?"

Ai-Ti shi ne aikin koyon sana'a na shekara guda da ake yi bayan ƙaramar difloma, kuma sai da shaidarsa ake barin mutum ya ci gaba. Na san da haka sarai. Na kuma yi shi, wata goma sha biyu cur, a wani kamfanin ruwan leda da na gora a unguwar Daɗin Kowa. Abin da ban yi ba shi ne karɓo takarda.

"Yallaɓai, na yi fa. Kowa ya san na yi."

"Ni ban sani ba," in ji shi, ya turo mini fayil ɗina. "Ranar Juma'a ƙarfe huɗu muke rufewa. Wanda bai cika takardunsa ba, gurbinsa na masu jira ne. Na gaba!"

In gurbin nan ya kuɓuce mini, sai wata shekarar, kuma babu wanda ya yi mini alkawarin sunana zai sake fitowa. Na shiga mota na dawo gari, tafiyar kusan awa guda, ban san wuraren da muka wuce ba.

Yadda aka yi na rasa takardar ba wani abin ɓoyewa ba ne. Babana tela ne a unguwar Rikkos, kuma mai kamfanin, wani Alhaji, shi yake yi wa ɗinki tun kafin a haife ni. Ranar da Alhaji ya zo gwajin kaya Baba ya yi masa maganata, shi kuma ya ce, "Ta zo ranar Litinin." Shi ke nan. Ban rubuta takardar neman gurbi ba, ba a ba ni ta amincewa ba. Da shekara ta cika na je yi masa sallama, ya sa mini albarka, ya ba ni turmin atamfa. A daren da ya gabaci sallamar na ce wa Baba ya kamata in nemi takardar shaida, sai ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Haba Mamana. Mutum ya ɗauke ki kamar 'yar cikinsa, ki tsaya a gabansa ki ce ya ba ki takarda? Sai ka ce ba ki yarda da shi ba? Ranar da ake buƙata ai yana nan."

Ni ma a lokacin na ga kamar akwai kunya a ciki. Washegari na karɓi atamfata na dawo gida.

Ranar Talata Baba ya rufe shago ya raka ni gidan Alhaji. Sai da aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi zancen sanyi da tsadar zare, ni kuwa ina durƙushe, sannan Baba ya shigo da maganar ta gefe, kamar mai roƙon gafara. Alhaji ya yi dariya ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Muka bi shi zuwa wani shagon buga takardu a bakin titi, ya tsaya kan mai bugawar yana faɗa tana bugawa. Wallahi ya yabe ni. Ya ce ni yarinya ce mai tarbiyya, 'yar gidan mutunci, ya san mahaifina fiye da shekara ashirin, na zauna da su lafiya, kuma yana roƙon duk wanda takardar ta je hannunsa ya taimaka mini. Ya sa hannu da wani zane mai faɗi kamar na gwamna. Baba har da ƙwalla.

Ranar Laraba jami'in ya karanta ta, ya cire tabarau ya dube ni.

"Wannan takardar neman aure ce ko ta Ai-Ti?"

Ɗaliban da ke layi suka fashe da dariya. Ni kuwa ba na iya haɗiye magana, tun ina ƙarama an san ni da haka. Na ce, "Yallaɓai, mai kamfanin ne da kansa ya sa hannu."

"Wane kamfani? Nuna mini sunan kamfanin a nan." Ya ɗaga takardar, fara fat daga sama. "Ba a kan takardar kamfani aka buga ta ba, babu adireshi, babu lambar waya, babu hatimi. Yaushe kika fara? Yaushe kika gama? Ba a faɗa ba. A wane sashe? Me kika yi da hannunki, ruwa kika gwada ko shayi kika dafa musu? Sunanki ma guda ɗaya ya rubuta, wanda ake kiranki da shi a gida. Ina lambarki ta makaranta? Shi kansa mai sa hannun, wane ne shi a wurin? Ni zane kawai nake gani."

Ya ɗan sassauta murya, ya ce ba shi da matsala da tarbiyyata, amma shi abin da zai iya bincika yake so: wata goma sha biyu, daga rana kaza zuwa rana kaza, da lambar da zai kira a ɗauka a ce masa e, gaskiya ne. Ya ce in je ofishin kula da ma'aikata na kamfanin, su ke ba da irin wannan takarda, ba gidan mai kamfani ba.

Ofishin nan da ya ambata kuwa, na san wadda ke zaune a ciki.

Madam Admin muke ce mata. Mace ce doguwa, 'yar asalin ƙabilun yankin nan, ta haura hamsin, kullum da suwaita ruwan toka da makullan ofis a wuya. Ita ke riƙe da rajistar zuwa aiki, wani dogon littafi da ke kan tebur a ƙofar ofishinta, inda kowa zai rubuta suna da lokacin shigowa da na fita. Lokacin da na fara aiki, kaina a kumbure yake. Ni da Alhaji ya kawo da bakinsa, in tsaya layi da masu ɗaure leda ina sa hannu? Sai in wuce kai tsaye ɗakin gwaji. Ta yi mini magana sau ɗaya, sau biyu. Na uku na ce mata, a gaban mutane, ni ba albashi ake biyana ba balle a ƙirga mini minti. Ta dube ni kawai ta koma ofis. Sai da na shafe wata biyu a haka, kafin Oga Kemis, masanin sinadaran kamfanin da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce in ban sa hannu a ƙofa ba kada in shigo masa ɗaki. Daga nan na fara. Amma ni da Madam, gaisuwa ce kawai ta haɗa mu har na bar wurin, ita ma a daƙile.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas ina ƙofarta. Injinan cika ruwa na ta ƙara a baya, warin ledar da ake liƙewa da zafi ya cika wurin kamar kullum. Na gaishe ta har da rusunawa. Ta amsa ba ta ɗago ba. Na yi mata bayani a gurguje, har ina haɗa kalmomi.

"Ina takardan da ka rubuta?" Haka take magana, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

"Wace takarda, Ma?"

"Na nema. Ba na ba da leta da baki. Ka rubuta, ka kawo."

Na yagi takarda daga littafina, na rubuta layi biyu a tsaye, cewa ina buƙatar takardar kammala Ai-Ti da gaggawa. Ta karanta, ta miƙo mini.

"Wa ka rubuta ma? Wane ne kai? In na sa wannan a fayil, bayan shekara biyu wa zai gane?"

Raina ya ɓaci, amma na danne. Ta jawo wata farar takarda mai kyau ta ba ni, ta nuna mini benci, tana faɗa ina rubutawa. Adireshina da kwanan wata a sama. A rubuta wa manajan kula da ma'aikata, ta hannun wanda ya kula da ni a wurin aiki. Cikakken sunana yadda yake a takardun makaranta, ba ragi ba ƙari, da sunan makarantar, da fannin da na karanta, da lambata. Ranar da na fara da ranar da na gama, da sashen da na zauna. Dalilin da ya sa nake neman takardar, wa za a kai wa, da ranar da ake rufewa. Lambar wayata a ƙasa. Ta ce in yi kwafi biyu, ɗaya nata, ɗaya ta buga masa hatimin karɓa in riƙe, don kada gobe wani ya ce ban nema ba.

"Masu hankali," in ji ta, "sati biyu kafin su gama suna kawo wannan. Lokacin kowa yana ganin fuskansu, oga yana tuna aikinsu. Ni ina ɗauka sati ɗaya in shirya. Kai ka zo mini da gobe-gobe."

Na kai wa Oga Kemis. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Ya yi murnar ganina, ya rubuta a gefen takardar cewa ya san ni, na yi aiki a ƙarƙashinsa, ya sa hannu. Na dawo da gudu-gudu. Madam ta buga hatimin karɓa, ta ba ni kwafina, sannan ta tashi ta buɗe kabad ta ciro rajistar bara. Tun da na ga ta ɗauko littafin nan na sha jinin jikina.

Ta buɗe watan Oktoba, ta bi da yatsa, shafi bayan shafi. Ta buɗe Nuwamba. Ba ta yi sauri ba. Sai a farkon Disamba yatsanta ya tsaya.

"Ga ka nan. Disamba zuwa Satumba. Wata goma."

"Ma, a farkon Oktoba na fara. Kin sani. Kin gan ni da idonki."

"Na ga mutane da yawa da idona. Abin da ke littafi nake rubutawa. In makaranta sun kira ni, ko sun aiko mutum ya ce in nuna, me zan nuna?"

"Wata goma ba za su karɓa ba!"

"Ba ni na hana ka sa hannu ba."

Ta faɗe shi a hankali, ba da gatse ba, shi ya sa ya fi yi mini ciwo. Sai Oga Kemis, da ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a duba littafin gwaji, tunda duk wanda ya auna ruwa yana rubuta sakamakon ya sa haruffan sunansa. Madam ta ce ta yarda, wannan ma shaida ce. Littafin ba ya fita daga ɗakin gwaji, don haka muka ɗunguma can mu uku, muka sa hula da takalmin roba kamar yadda doka ta ce.

Ɗakin na nan yadda na bar shi, da kwalabe a kife a kan ragar shanya da warin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Oga Kemis ya sauko da tsohon littafin. Na riƙa buɗewa. Satin farko na Oktoba, rubutunsa ne. Sati na biyu, nasa. Na uku ma nasa. Sai a lokacin na tuna, ai da na zo bai bar ni na taɓa na'ura ba. Wanke kwalabe nake yi, da goge tebur, da kallon yadda yake yi. Rubutuna bai bayyana ba sai a ranakun ƙarshe na watan, inda na fara auna tsamin ruwa da gurɓacewarsa.

"Wata goma sha ɗaya da kwana kaɗan," in ji Madam. "Zan rubuta wannan."

"Ma, sati uku da 'yan kwanaki ne fa! Don Allah ki cika. Wa zai sani?"

"Ni."

Na juya wurin Oga Kemis. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya san na daɗe ina wanke kwalabe kafin ya ba ni na'ura, amma ranar da na fara, ba zai iya rantsewa a kai ba, ɗalibai da yawa sun wuce ta hannunsa. A nan ne na fashe. Na ce dama na san ba ta ƙaunata, ta samu abin da take jira, ramuwa take yi. Na ce zan kira Alhaji yanzun nan a ga wanda ke da kamfanin. Ma'aikata har sun fara leƙowa ta taga.

"Kira shi," in ji ta, ta cire hular ta rataye ta fita.

Na kira shi a tsakar harabar, ina haki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, ai ni na ba ki tawa. Harkar ofis kuwa ba na sa mata baki, don haka na ajiye ta a wurin. Ki bi ta a hankali." Ya ce in gaida Baba, ya kashe.

Na tsaya da waya a hannu, motocin rarraba ruwa na ta fita ta gefena. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban san wa zan ji haushi ba in ba kaina ba.

Da yamma na tarar da Baba a shago yana kafa aljihu. Na faɗa masa komai, ban rage ko rashin kunyar da na yi ba. Ƙafarsa na kan keken ɗinki amma bai taka ba.

"Takardar Alhaji ba ta yi ba ke nan?"

"Ba ta yi ba, Baba."

"Duk da abin da ya rubuta a ciki?"

Na gyaɗa kai. Ya ce shi ne ya hana ni nema tun farko, laifinsa ne. Na ce a'a, shi bai hana ni sa hannu a rajista ba. Ya ce gobe zai bi ni ya ba matar haƙuri. Na ce ya bari, ni na yi ɓarnar, ni zan je. Na yanke shawarar in karɓi ta wata goma sha ɗayan, in kai wa jami'in in roƙe shi, ko da yake na ga fuskarsa, na san ba mai roƙuwa ba ne.

Ranar Juma'a na isa kafin takwas. Ofishin Madam a buɗe, jakarta na kan kujera, ita ba ta nan. Na zauna a benci ina maimaita haƙurin da zan ba ta. Takwas da rabi ta yi. Tara ta yi. Na tambayi mai gadi, ya ce ta shigo tun bakwai, bai ga ta fita ba. Na fara lissafi: a buga takarda, a sa hannu, in samu keke mai ƙafa uku zuwa tasha, mota ta cika, awa guda a hanya, ga Juma'a, da an fara tare tituna saboda masallaci sai Allah. Zuciyata ta ce da gangan take yi, so take lokaci ya ƙure. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

Tara da rabi ta wuce sai ga ta ta fito daga sito, ita da mai kula da siton, hannun suwaitarta duk yanar gizo. Tana rungume da wani littafi mai baƙin bango da ya fara cin ruwa. Ta wuce ni ta shiga ofis, na bi ta.

"Ma, ina kwana. Na zo ne in ba ki haƙuri a kan jiya, abin da na..."

"Zo nan. Wannan hannun wa?"

Ta juyo mini da littafin. Littafin fitar da kaya ne daga sito. A layi na huɗu, ga sunana, ga farar riga ɗaya, hular gashi biyu, takalmin roba ƙafa ɗaya, ga sa hannuna a karkace. Kwanan watan kuwa Litinin ɗin farko ta Oktoba. Na manta da shi sam. A ranar da na fara, mai siton ya ƙi sakar mini riga sai na sa hannu, na sa ina ƙunƙuni.

"Nawa ne, Ma," na ce.

"Kwali huɗu na buɗe kafin na samu. Yanzu ina da abin da zan nuna. Zauna."

Ban iya zama ba sai da ta sake faɗa. Ta kunna kwamfuta ta fara bugawa da yatsu biyu, a nutse, ni kuwa idona na kan agogon bango. Da ta gama ba ta sa takardar kamfani ba tukuna. Ta fitar da gwaji a farar takarda, ta ba ni biro, ta ce in ɗauko sakamakona na ƙaramar difloma in gwada sunana da lambata harafi da harafi, domin in ta sa hannu ta buga hatimi, gyara ya zama sabon aiki.

Shafi ɗaya ne, bai ma cika ba. Lambar fayil da kwanan wata a sama, an rubuta wa magatakardan makarantarmu. Layin farko ya ce ana tabbatar da cewa ni, da cikakken sunana da lambata da fannina, na yi aikin koyon sana'a a sashen kula da ingancin ruwa na kamfanin daga rana kaza ga Oktoba zuwa rana kaza ga Satumba, wata goma sha biyu. Sannan abin da na yi: ɗibar samfurin ruwa daga rijiyar burtsatse da bayan tacewa, auna tsami da gurɓacewa da ragowar sinadarin kilorin, shirya faranti don gwajin ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin kulawar masanin sinadarai, da rubuta sakamakon kowane rukunin ruwa da aka cika. A kan halina layi ɗaya ta yi, cewa ina da himma da kula a aikin gwaji, kuma ina saurin koyo. Ba ta ce ina da ladabi ba. Na lura. A ƙasa akwai sunanta da muƙaminta da lambar wayar ofis, ga gurbin da Oga Kemis zai sa hannu a matsayin wanda ya kula da ni.

Na sami kuskure ɗaya, ta juya lambobi biyu a lambata ta makaranta. Na nuna mata a tsorace. Ta duba, ta ce, "Ka gani? Shi ya sa." Ta gyara, ta ɗauko takarda mai kan kamfani ta sa a firinta, ta danna. Wuta ta ɗauke.

"Innalillahi!" na ce da ƙarfi.

Janareton kamfanin na layin injina ne, sai an juya kafin ofis ya samu, mai juyawar kuma ya tafi sayen mai. Minti arba'in muka yi zaune ni da ita. Sha ɗaya da rabi ta gota kafin takardar ta fito. Ta sa hannu, Oga Kemis ya sa, ta hura wa hatimi iska ta buga a kan gefen sa hannunta. Ta ɗauki kwafi ta sa a fayil tare da takardar nemana da hoton shafin siton. Ta ce in ɗauki hoton takardar a wayata, in yi kwafi uku a hanya, kada in bar wa kowa ta asali sai an tilasta. Sannan ta turo mini littafin fitar da wasiƙu.

"Sa hannu."

Na sa, da kyau, har da lokaci.

Hanyar ba ta yi mini sauƙi ba. Keke ya kai ni tasha, mota ta ƙi cika, na zauna ina ƙirga kujerun da suka rage. Da muka tashi kuma muka tarar an tare titi a wani masallacin bakin hanya, direba ya zagaya ta cikin unguwa. Na isa makaranta uku saura, na tarar da layi har waje, duk irina ne, masu cika takarda a ranar ƙarshe. Huɗu saura kwata na tsaya gaban jami'in.

Ya karanta daga sama har ƙasa. Ya ƙirga watannin da yatsa. Ya gwada sunan da na sauran takarduna, ya ɗaga ta ya duba hatimin. Na fara sakin numfashi, sai na ga ya jawo wayarsa.

"Shekaranjiya ba ki da komai, yau kin zo da wannan. Bari mu ji."

Ya danna lambar, ya sa a sifika ya ajiye a kan tebur. Ta yi ta ringin har ta katse. Ranar Juma'a ma'aikatan ofis kan tashi da wuri, kuma ba ta da wani dalilin zama saboda ni. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi agogo, ya sake dannawa. A ringin na huɗu Madam ta ɗauka.

Ya gabatar da kansa, ya karanta lambar fayil ɗin, ya tambaya ko daga ofishinta takardar ta fito. Ta ce e. Ya tambayi ranar farawa, ta faɗa ba tare da ta tsaya nema ba, ta ce tana da shaida a fayil in yana so ya aiko a gani. Ya ce ya gode. Har ya kai hannu zai kashe, sai ya ƙara da cewa, "Kin dai san ta sosai ko?"

Ina jin ƙarar injinan kamfanin ta cikin wayar.

"Na san shi," in ji Madam. "Yana da baki. Amma ruwan da ya gwada, ni ina sha. Ka ɗauke shi. Tun ɗazu nake zaune ina jiran kiran nan, bari in tafi gida."

Jami'in ya buga hatimi a fom ɗina ya ce, "Na gaba." Na fito na zauna a kan matakalar ofishin, fayil a kan cinyata, na yi kuka sosai a gaban mutane. Sai a lokacin na tuna ban ma ƙarasa ba ta haƙurin da na fara ba.